Saƙon maraba ga sabon ma'aikaci: dogo guda ɗaya, ko gajeru biyu?

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Litinin sabuwar ma'aikaciya za ta kama aiki a ofishinmu da ke Wuse 2 a Abuja, an ce ni zan tura mata saƙon maraba. In zuba mata komai a saƙo ɗaya ne, ko in rarraba a cikin makon? Kuma me ya wajaba ya shiga ciki?"

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Na gwada hanyoyin nan biyu a inda nake aiki a Garki, bari in ajiye miki su kusa da juna ki gani.

Hanya ta farko ita ce wadda yawancinmu muka saba da ita. Imel guda mai tsawo ranar Litinin da safe: gaisuwa, tarihin ma'aikata, manufofinta, sunayen shugabanni, dokokin sutura da na hutu, sannan kundin ƙa'idoji a liƙe a ƙasa. Amfaninsa a fili yake, komai na wuri ɗaya, kuma gobe in an yi gardama za a ce ai an rubuta maka. Sai dai yana zuwa a makare. Wanda zai karanta shi ya riga ya sha wahalar da saƙon ya kamata ya ɗauke masa. Sau da yawa ma akan tura shi adireshin imel na ofis, wanda ba a buɗe wa mutumin ba tukuna.

Na ga wannan da idona. Wani matashi da muka ɗauka yana zaune a Mararaba. Ya fito tun asuba saboda cunkoson Nyanya, ya iso ƙarfe bakwai da kwata, mai gadi ya ce ba a ba shi sunansa ba. Ya tsaya a gindin bishiyar da ke bakin ƙofa riƙe da fayil ɗinsa a ƙirji har kusan tara, takalminsa da ya goge ya yi futu-futu da ƙura. Lambar kowa ba shi da ita. Ni kuwa a lokacin ina sama ina gyara masa saƙon maraba mai shafi uku. Har yau abin yana taɓa ni.

Hanya ta biyu ita ce a raba saƙon gida biyu, kowanne ya amsa tambayar da ke damun mutum a daidai wannan lokaci. Na farko ya tafi ranar Alhamis ko Juma'a kafin ta fara, ta wayarta ko imel ɗinta na kanta. Aikinsa ɗaya ne, ya kai ta daga ƙofar gidansu zuwa kujerarta ba tare da ta ji kunya a hanya ba. Ga irin wanda nake turawa yanzu:

"Malama, barka da zuwa, muna murna da samunki. Ranar Litinin ki iso ƙarfe tara, ba takwas ba, don mu gama shirya miki wuri. In kin sauka a Banex, ginin na hannun dama, hawa na biyu. Mun ba mai gadi sunanki. Ni zan tarbe ki, ga lambata, ki kira ni ko me ya faru a hanya. Ki zo da takardar ɗaukarki aiki, hotuna ƙanana biyu da katin shaida. Akwai wurin salla a ƙasa, ana tafiya cin abinci ƙarfe ɗaya. Ranar farko gabatarwa ce kawai, za ki tashi ƙarfe uku."

Dubi abin da ke ciki: lokaci, hanya, mutum ɗaya mai suna da lamba, abin da za ta riƙo, da abubuwan da baƙo ke jin nauyin tambaya. Sabon ma'aikaci ba zai taɓa ce wa ogansa "ina ake alwala?" a ranar farko ba, sai dai ya daure. Dogon saƙo kan cika da abin da ma'aikata ke so a sani game da ita, wannan kuwa abin da ita baƙuwar ke buƙata ne ya cika shi.

Saƙo na biyu ya tafi ranar Talata, bayan ta zauna kuma an buɗe mata imel. Nan ne wurin maganar takardu da kuɗi, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Ki gaya mata abin da sashen kuɗi ke jira: lambar asusun banki mai lamba 10, NIN ɗinta, sunan kamfanin da ke kula da fanshonta da lambar RSA, wato lambar asusun fanshonta, in ta taɓa aiki. In ba ta da shi, ki ce mata ita ke da ikon zaɓen kamfanin da take so. Sannan ki rubuta ranar da ake rufe lissafin albashi ɓaro-ɓaro. A wurinmu 20 ga wata ne, wanda takardunsa ba su cika ba kafin nan sai wata mai zuwa. Mutumin da ya ciwo bashin kuɗin mota yana jiran ƙarshen wata, wannan layi ɗaya ya fi masa duk tarihin ma'aikatar.

Ki kuma yi mata lissafin abin da za a cire, tun kafin banki ya turo mata saƙon shigar kuɗi. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da aƙalla kashi 8 cikin 100, ma'aikata ta ƙara kashi 10. Misali, in ainihin albashinta da kuɗin gida da na mota sun kama naira 200,000, za a cire 16,000 daga hannunta, ofis ya ɗora 20,000, duka su shiga asusun fanshonta. Bayan haka ga haraji. In ba a faɗa mata ba, ta ga kuɗi bai kai abin da ke takarda ba, za ta yi shiru tana zargin an cuce ta, ke kuma ba za ki san dalilin sanyin jikinta ba.

A wannan saƙon ne kuma za ki sa aiki ɗaya tak da ake so ta gama kafin Juma'a, da wanda za ta kai wa. Kada ki ce "ki saba da yadda muke aiki", wannan ba shi da baki ba shi da ƙarshe. Ki ce ta karanta rahotannin wata uku da suka wuce, ranar Juma'a ƙarfe goma sha ɗaya ku zauna na minti ashirin kafin a tafi masallaci, ta faɗi abin da bai fito mata ba.

To ina dogon saƙo ya fi? In mutum ashirin kuka ɗauka lokaci guda, ko ma'aikacin yana wani gari, dole a sami takarda ɗaya da kowa zai koma gare ta. Ko a nan ma, ki liƙa kundin ƙa'idojin a saƙon Talata, ki nuna shafuka biyu ko uku da suka shafi makon nan. Kuma saƙon maraba, dogo ko gajere, ba ya maye gurbin rubutattun sharuɗɗan aiki, waɗanda dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci cikin wata uku da farawa.

Abu biyu kada su shiga ko wanne. Kalmar sirri ta kwamfuta a ba ta hannu da hannu, ta canza nan take. Kuma kada a ce ta jefa NIN ko lambar asusunta a zauren WhatsApp na ofis, ta miƙa wa sashen kuɗi kai tsaye.

Tunda mutum ɗaya ce kuma Litinin ta matso, ki tura na farkon yau, sannan ki sauka da ƙafarki ki ba mai gadi sunanta a rubuce.