GARGAƊI: Hotuna 18 ya ɗora a tallan gidan, 5 ba na gidan ba ne

Masu shirin sayar da gida, ku yi hattara da wani dillali da ke cewa shi gwani ne wajen zaɓar hotunan talla. Ba zan ambaci sunansa ba tukuna, amma hoton hirarsa da mai gidan da na tallan duk suna hannu, zan ɗora su da zarar an rufe lambobin wayar mutane.

Hotuna 31 aka ɗauka a gidan. Ya ce a bar masa zaɓi da jerawa, aikinsa ne, ya karɓi rabin la'adarsa tun kafin a ga mai saye. Ya ɗora 18. A cikin 18 ɗin, 5 na wani gida ne daban. Biyar! Kuma ɗaya daga cikinsu ya sa a farko, wani kicin mai sheƙi, domin ya san hoton farko shi kaɗai ke fitowa a jerin tallace-tallace, shi ke sa mutum ya danna ko ya wuce.

Kada kowa ya ce mai gidan ta yi sakaci. Maganar da ya yi mata ranar, maganar wanda ya san aiki ce. Ya ce: "Hajiya, gaban gida ake fara sawa, sai mashiga, sai falo, sai kicin, sai babban ɗaki da banɗakinsa, sauran ɗakuna, bayan gida a ƙarshe, kamar mutum yana zagayawa da ƙafarsa." Wannan gaskiya ne, haka ake yi. Wa zai ji wannan ya yi zargi? "Kamar yana zagayawa da ƙafarsa." Da wannan kalmar ya saye ta, shi kuma ya je ya yi akasin haka.

Amfanin jerin nan shi ne kowane hoto yana shaidar na gaba da shi. Ƙofar da ka hango a kusurwar falo ita za ka gani a hoton kicin, tayil ɗin ƙasa ya ci gaba, ƙarfen taga iri ɗaya. Shi ya sa ya watsa jerin: kicin, banɗaki, get, ɗaki, falo a na 11. Idan an wargaza haka, ido ba ya haɗa ɗaki da ɗaki, baƙon hoto sai ya saje. Da aka zauna aka jera su daidai, nan take asiri ya tonu. Makunnan wuta na gidan farare ne, na hotuna biyar ɗin baƙaƙe. Tagar kicin ɗin tana kallon wata doguwar bishiya da babu ita a farfajiyar.

Ko 13 na gaskiyar bai bar su haka ba. Na ɗakunan kwana duk da 0.5x na waya aka ɗauka, wato kyamarar da ke faɗaɗa hoto, daga kusurwa, an durƙusa ƙasa. Ɗaki mai mita 3 da mita 3 ya koma kamar zaure. Ana gane wannan: tayil na gefen hoto ya miƙe ya fi na tsakiya tsawo, bango ya karkata. Hoton gaskiya daga tsayin ƙirji ake ɗauka, waya a miƙe, layin bango a tsaye. Ɗakin da silin ɗinsa ke da tabon yoyo kuwa, ya yanke saman hoton. Ita ta ce a nuna tabon, a sa shi kusa da ƙarshe, a rubuta cewa an rage kuɗi saboda shi. Ya ce to. Bai sa ba.

Na manta ban faɗa ba, kafin asirin ya tonu ya riga ya karɓi kafin alƙalami a hannun mutum biyu da ba su taka gidan ba. Ɗayansu ne ya zo da waya a hannu yana tambayar ina kicin ɗin nan yake. A gaban mutane aka kira baiwar Allah maƙaryaciya, a gidanta, kan hotuna 5 da ba ta taɓa gani ba. Rabin la'ada ya tafi, wayarsa a kashe.

Kada ku bari a ɗora talla sai kun ga jerin ƙarshe da idonku, kun ƙirga. Ku ce a turo muku hotunan a matsayin fayil, domin WhatsApp yana goge ranar ɗauka idan an turo su a matsayin hoto. Wanda kuka yi shakka, ku bincika shi da Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet. Kicin ɗin nan a tallace-tallace uku muka same shi.