Kafin ka sayi caja mai sauri, juya bayanta ka karanta

Babban rubutun da ke jikin kwali talla ne. Abin da caja za ta iya yi yana rubuce da ƙananan haruffa a jikin kanta, kusa da ƙarafunan da ake sokawa a soket. Idan idonka bai kama rubutun ba, ɗauki hotonsa da waya ka ƙara girmansa.

Layi biyu za ka nema. Na farko shi ne Input, wato wutar da cajar ke karɓa, kuma galibi za ka ga 100-240V da 50/60Hz. Wannan bai shafi sauri ba. Na biyu shi ne Output, wutar da take tura wa waya, kuma a nan zancen yake. Harafin V ƙarfin turin wutar ne, A kuma yawan wutar da ke gudana. Ka ninka su biyun, abin da ya fito shi ne W ɗin da ake tallatawa. Misali 9V sau 2A ya ba da 18W.

A ce wayarka na karɓar 25W ta bakin USB-C, kamar wayoyin Samsung da dama, aka jera maka caja uku.

Ta farko an buga mata 65W ɓaro-ɓaro a kwali, ga bakuna huɗu. A jikinta kuwa layi ɗaya ne tak:

```
Output: 5V 3.1A
```

Biyar sau 3.1 ya ba da 15.5W, kuma bakunan huɗu ne za su raba shi. Babu inda 65W zai fito. Ni ban damu da rashin saurinta ba kamar yadda na damu da ƙaryar. Wanda ya yi ƙarya a lissafin da kowa zai iya yi, ba zan amince masa ba kan kayan da ya rufe a cikin roba inda ido bai kaiwa. Wannan ajiye ta.

Ta biyu tana da faffaɗan baki guda irin na USB-A, an rubuta QC 3.0, ga kuma 5V 3A, 9V 2A da 12V 1.5A. Lissafinta ya tsaya a 18W, kuma ba ta ce ta fi haka ba. QC tsarin caji ne na kamfanin Qualcomm, wayoyi da yawa suna gane shi. Za ta yi wa wayarka caji lafiya, sai dai ba za ta kai ta 25W ba.

Ta uku ƙaramin baki gare ta, na USB-C, kuma rubutunta ya fi tsawo:

```
PDO: 5V 3A / 9V 2.77A
PPS: 3.3-5.9V 3A / 3.3-11V 2.25A
```

A layin PDO, wato tsayayyun matakan wutar da cajar ke bayarwa, tara sau 2.77 ya kusa 25W daidai. Layin PPS shi ne abin nema. Ma'anarsa cajar ba a kan matakai biyu ko uku kaɗai take tsayawa ba, waya na iya ce mata ta ɗan ƙara ko ta ɗan rage yayin da batir ke cika, kuma hakan na rage zafin da ke taruwa a cikin wayar. Wayoyin Samsung sai sun samu PPS suke nuna Super fast charging. Caja mai 65W ta gaskiya wadda ba ta da PPS za ta ba irin wannan waya wajen 15W kawai. Ita iPhone ba ta buƙatarsa, caja ta 20W mai PD, wato tsarin caji na gama-gari da ke bi ta USB-C, ta isa ta ba ta caji mai sauri. Don wayar da muka ɗauka misali, ta ukun ce zaɓi.

Mutane kan ji tsoron babbar caja za ta ƙona ƙaramar waya. Caja mai inganci da 5V take farawa, ba ta ɗagawa sai wayar ta nema, don haka girman lamba ba shi ne haɗari ba. Haɗarin yana cikin yadda aka ƙera ta. A cikin wannan ɗan akwatin, wutar soket da wutar da ke zuwa hannunka suna maƙwabtaka, tazara da rufi ne kawai suka raba su. Masu jabu a nan suke yin tsimi.

Ƙananan alamomin da ke jiki fa? Murabba'i a cikin murabba'i na nufin rufi ninki biyu tsakanin wutar soket da mai amfani. Hoton gida na nufin ba ta waje ba ce, kada ruwa ya taɓa ta. Kwandon shara da aka soke na cewa kada a jefa ta cikin shara. CE kuwa shelar kamfani ce da bakinsa cewa ya cika sharuɗɗan Tarayyar Turai, FCC kuma ta shafi katsalandan ga siginar rediyo ne. Duk waɗannan mai jabu na iya buga su, saboda haka rashinsu abin gudu ne, samunsu kuma bai wanke caja ba. Na fi natsuwa idan na ga sunan kamfani, lambar samfuri, rubutu mai kaifi babu kuskuren haruffa, da lissafin da ya dace da kwali. Ka auna ta a tafin hannu ma: wadda ta ce tana da ƙarfi amma ta yi sakayau kamar fanko, ko ƙarafunanta suna girgiɗi, akwai dalilin zargi.

Sai igiyar caja, wadda aka fi rainawa. Igiya mai USB-C a kai biyu iri biyu ce. Ta gama-gari tana ɗaukar 3A, wato har 60W, kuma ta wadatar wa caja mai 25W. Ɗayar tana ɗaukar 5A, akwai ƙaramar na'ura a kanta da ke sanar da caja ƙarfinta, kuma za ka ga 5A, 100W ko 240W a jikinta ko a kwalinta. Idan caja ba ta ji wannan sanarwa ba, ba za ta wuce 3A ba. Shi ya sa wanda ya sayi caja mai 45W ta Samsung ya haɗa ta da igiyar 3A ba lallai ne ya ga cikakken saurin ba, ya yi ta zargin kan cajar. Igiya mai USB-A a gefe guda ba ta ɗaukar PD ko kaɗan. Wasu kamfanoni, irin su Oppo da tsarinsu na VOOC, suna amfani da USB-A wajen caji mai sauri, amma sai da kan cajarsu da igiyarsu tare.

Kauri na waje ba shaida ba ne, domin ana iya lulluɓe siririn tagulla da roba mai kauri. Siririn tagulla yana tauye wuta, kuma abin da ya tauye zafi yake zama. Idan za ka zaɓa tsakanin mita ɗaya da mita uku marasa rubutu, ɗauki gajeriyar.

Idan da hali, gwada kafin ka biya, da batir ƙasa da rabi, domin waya da kanta take rage gudu idan ta doshi kashi 80. Dubi abin da fuskar wayar ta rubuta, sannan bayan minti goma ka taɓa kan cajar da bakin igiyar. Ɗumi ba komai ba ne. Zafin da hannu ba ya jurewa, ƙaurin roba, ƙarar tsartsatsi, fuskar waya tana danna kanta, ko ka ji wuta na ɗan jan yatsanka a gefen wayar, kowanne daga ciki ya isa ka kashe soket ka zare ta, kada kuma ka sake jona ta.