Sharhi kan aikin wani darakta a Garwa da ya mayar da baitocin waƙata tsarin bidiyo

Akwai wani matashin darakta a nan Garwa da ke sayar da aikin da ba a saba saye shi kaɗai ba. Ka ba shi waƙarka da rubutattun baitocinta, shi kuma ya ba ka labarin da bidiyon zai ɗauka, haɗe da takardar da ta jera kowane hoto da za a ɗauka, da wurinsa, da lokacinsa. In ka so shi ya riƙe kyamara, wannan wani ciniki ne daban. Ni tsarin kawai na saya a kan sefa 30,000, wani abokina ya yi ɗaukar. Hukuncina tun daga farko: kuɗin sun biya, amma takardar tana da ramuka biyu da ya kamata mai saye ya sani.

Waƙar a kan ɗan'uwa ce da ya tafi kudu neman kuɗi, labarinsa ya yanke. Amshinta yana cewa: "Jirgin dare ya tafi da kai, ƙofarmu ba ta rufu ba." Abin da ke kaina shi ne abin da ke kan kusan kowane mawaƙi a nan: tunda an ambaci jirgi, a nuna jirgi. Wato mu kwashi mutane mu tafi Ngaundare, inda layin dogo ya tsaya, tafiyar fiye da kilomita 250, mu nemi izinin ɗauka a tasha, mu jira jirgin Yaunde da ke tashi da dare. Da na faɗa masa, sai ya ce, "Yaya, kunne ya riga ya ji jirgi. In ido ma ya ga jirgi, ka biya kuɗin mota ne don ka faɗi magana ɗaya sau biyu. Me mutanen gidan suke yi tun da ya tafi?"

Wannan tambayar ce ta haifi bidiyon. Ya bi baitocin da biro, yana ja wa kowane abu da hannu zai iya taɓawa layi: jirgi, ƙofa, wasiƙa, tuwo, hula. A baiti na biyu akwai ɗango ɗaya da ni kaina ban ɗauke shi da nauyi ba: "Inna tana zuba naka, tana rufewa." Shi ya ɗauka ya gina komai a kansa. Kowane dare uwa tana raba tuwo, ta zuba kwano ɗaya fiye da yawan mutanen gidan, ta rufe da faifai, ta ajiye a bakin ƙofa. Duk sanda amshi ya dawo, a koma kan kwanon, amma da wani abu da ya sauya. A amshi na farko tururi na tashi. A na biyu safiya ce, ƙanwa tana ɗauke shi ba a taɓa ba. A na uku uwar ta miƙa wa almajiri. A na huɗu wani hannu ya ɗaga faifan, ba a nuna fuskar mai shi ba. Jirgi bai fito ko sau ɗaya ba, kuma cikin waɗanda suka kalla babu wanda ya tambaye ni ina yake.

Abin da na fi yaba masa a nan shi ne ya zaɓi abin da za a iya maimaitawa kuma a iya sauyawa. Amshi yana dawowa da kalmomi iri ɗaya, don haka idan hoton ma iri ɗaya ne, mai kallo zai gaji tun a zagaye na biyu. Kwano kuwa yana nan yadda yake, labari na tafiya a gefensa, kuma gida ɗaya ya ishe shi. Wannan ya rage mana kuɗi fiye da duk wani rangwame da zan iya roƙa.

Daga nan ya koma lissafi, kuma a nan ne na gane bambancin mai tunani da mai tsari. Ya tambayi mai sutudiyo saurin kiɗan, aka ce bugu 96 a minti. Kowace gaɓar kiɗa bugu huɗu ce, saboda haka gaɓa ɗaya daƙiƙa biyu da rabi ke nan. Waƙar minti 3 da daƙiƙa 20 ce, wato gaɓa 80. Ya raba su: buɗewa gaɓa 4, kowane amshi gaɓa 8, baiti na farko da na biyu gaɓa 16 kowanne, na uku 8, rufewa 4. Amfanin wannan shi ne amshi ya zama daƙiƙa 20 cif, ba abin da za a kintata ba. Idan ana yanka hoto bayan kowace gaɓa biyu, hotuna huɗu kawai amshi zai ɗauka. Da na kawo shawarar a cusa rawar 'yan mata da zagayen babur a amshi na biyu, bai yi gardama ba, ya nuna min gurabe huɗun ya ce in zaɓi wanda za a cire. Na yi shiru.

Takardu biyu ya ba ni, kuma duk wanda zai sayi irin wannan aiki ya tabbata an ba shi biyun. Ta farko ta bi waƙar daga farko zuwa ƙarshe: ɗango, daƙiƙar da ya fara, abin da ake gani, da girman hoton, na nesa ne, rabin jiki ne, ko na kusa. Ta biyu hotunan nan ne dai, amma an sake jera su bisa wuri da rana. Da ita ake fita aiki. Misali, hotunan kwanon nan huɗu sun warwatsu a cikin waƙa, amma a takarda ta biyu uku na dare suna jere, ana ɗaukarsu kyamara na wuri ɗaya, fitila na wuri ɗaya, na safiya kaɗai aka ware. Gaba ɗaya girke kyamara 24 ne a wurare uku: cikin gida, lungun unguwa, da rairayin bakin Binuwai.

Ya san garinsa. Bakin kogi ya sa shi da sassafe, domin da hantsi ya ɗaga rana tana faɗowa daga sama, idon mutum ya zama rami, rairayi ya yi fari fat a hoto, ga zafin da wayar ɗauka kanta ke gazawa a cikinsa. Tsakar rana ya ba wa hotunan cikin ɗaki da zaure. Lungu ya bar shi bayan la'asar, ya kuma rubuta cewa hasken nan mai laushi ba ya daɗewa kafin magariba, don haka hotuna uku kawai ya ɗora masa. Bai sa gadar kogin ba, bai sa jirgi marar matuƙi ba, ya ce a garin da ke da filin jirgin sama da sansanin soja, tashin irin wannan na'ura ba tare da izini ba neman magana ne.

A saman takardar ya rubuta umarni biyu ga mai kyamara. Na farko, a saita `25 fps`, wato hoto 25 a kowace daƙiƙa, domin wutar lantarkin Kamaru tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wayoyi da yawa suna zuwa a kan `30 fps`, abin da ke sa wasu fitilu su riƙa ƙyafta ido ko zane ya riƙa yawo a hoton dare. Na biyu, a kowane wuri a ɗauke ni ina bin waƙar baki ɗaya daga farko har ƙarshe, ana kunna ainihin wadda aka gama haɗawa a sifika, ba gwajin da ke wayata ba. Na ga kamar ɓata lokaci ne, sai a wurin haɗa hoto amfaninsa ya fito: duk inda hoton labari ya gaza cika gurbinsa, akwai fuskar mawaƙi da ta dace da ɗangon. Har ya bayyana yadda ake yin hoto mai tafiyar hawainiya ba tare da baki ya saɓa ba: a ɗauka a `50 fps`, a kunna waƙar da ninkin saurinta, ni kuma in bi ta a hakan. Abin dariya ne a ido, Goggon da ta fito a matsayin uwa sai da ta riƙe ciki, amma da aka rage saurin, leɓe ya hau kan kalma daidai.

To, ga ramukan. Na farko lokaci ne. Ya ba kowace girka minti 15, sau 24 ya tashi awa 6, ya ce yini ɗaya ya isa. A hoton rana da mutum ɗaya hakan na yiwuwa. A hoton dare da ake jan waya, a gyara fitila, a sake ɗumama tuwo don tururi ya tashi, rabin awa ma ba ya isa. Bai kuma ware lokacin salla da cin abinci da tafiya tsakanin wurare ba, bai lissafa yaran unguwa da ke cika lungu da zarar sun ji sifika ba. Sakamakon haka hasken la'asar ya kuɓuce, hotunan lungu suka kwana. Hanyar gane irin wannan tun kafin a fita mai sauƙi ce: idan ka ga kowane layi na takardar yana ɗauke da minti iri ɗaya, to ba a auna ba, an raba ne kawai. Sannan babu gurbin da aka rubuta kayan da kowa ya sa. Da aka koma lungu washegari, ƙanwar ta zo da ɗankwali daban, ba wanda ya lura sai a kwamfuta, dole aka jefar da hoto mai kyau.

Rami na biyu ya fi ci mini rai, domin ya taɓa inda mutane ke kallo. Duk tsarin an yi shi ne don faffaɗan allo, `16:9`. A hotonsa mafi kyau, uwa tana can dama tana tuƙa tuwo, kwano yana can hagu a bakin ƙofa, tsakaninsu fili. A YouTube abin sha'awa ne. Amma masu saurarona a TikTok da matsayin WhatsApp suke, inda hoto yake a tsaye, `9:16`. Idan ka yanko tsaye daga faffaɗa, abin da ke saura bai kai kashi ɗaya cikin uku na faɗin ba. Ko dai ka samu uwa ba kwano, ko kwano ba uwa, alhali ma'anar tana cikin ganinsu tare. Da an tambayi inda bidiyon zai fi yawo tun ranar farko, da an sa kwanon a gaba, uwar a bayansa kan layi ɗaya, sai hoto guda ya yi aiki a allo biyun.

Na koma masa da wannan. Bai kare kansa ba, ya ce, "Yaya, gaskiyarka," ya zauna ya sake zana hotunan amshi huɗu a tsaye ba tare da ƙarin kuɗi ba. Sake ɗaukar su kuwa daga aljihuna ya fita: hayar fitila, ladan mai kyamara, da wani sabon tuwo.