Ƙarfen durowa mai boris: wanne za ka saya, yaya za a ɗaura shi?

Kafin ka shiga kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi neman ƙarfen durowa, wato ƙarfen da durowa ke zamewa a kansa, auna cikin kabad ɗinka tukuna, faɗi da zurfi, domin awon ne zai zaɓa maka.

Iri uku aka fi samu. Akwai siriri mai gaɓa biyu, wanda durowa ba ta fitowa duka da shi. Ya isa durowar gefen gado. Akwai mai faɗin milimita 45, mai gaɓa uku, da ke fito da durowa har ƙarshe, kuma mai kyau a cikinsu yana ɗaukar kilo 35 zuwa 45. Na ukun shi ma hakan ne, sai dai yana jan durowa ya rufe ta a hankali da kansa. Ni dai na tsakiyar nake ba mutane shawara. Mai rufe kansa ya fi tsada, kuma ba ya yafe kuskuren awo: da zarar durowa ta ɗan matse, ko ƙurar hunturun Bauchi ta daskare a man boris, sai ya tsaya bai kai ƙarshe ba. A shago ka ja ƙarfen gaba ɗaya ka girgiza. Idan yana kaɗawa, ajiye shi.

Mai milimita 45 yana buƙatar sararin milimita 12.7, wato rabin inci, a kowane gefe. Idan faɗin cikin kabad milimita 500 ne, a yi durowa 474. Idan zurfin 470 ne, sayi mai tsawon 450, wanda 'yan kasuwa ke kira inci 18. Gara durowa ta gaza da milimita ɗaya, a cike da ɗan siririn kwali a bayan ƙarfen, da ta yi yawa, don wannan sai an fere ta.

Wajen ɗauri, kafinta ya auna durowar daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu; idan awon bai zo ɗaya ba, a karkace take, babu ƙarfen da zai gyara ta. Sannan ya yanka katako guda ya riƙa ɗora ƙarfen a kai, dama da hagu, don tsayinsu ya daidaita. Idan fuskar durowa za ta rufe bakin kabad, a matsar da ƙarfen baya da milimita 2 daga bakin kabad ɗin. Idan cikin kabad za ta shige, a ƙara kaurin fuskar a kan hakan.

Sukurun farko a dogayen ramukan ƙarfen ake sa su, don a iya matsar da ƙarfen. Idan an tura durowa gefe ɗaya ya rufe ɗayan ya bar kafa, yawanci ƙarfen da ke jikin kabad a gefen da bai rufe ba ne ya yi gaba: sassauta, tura shi baya, sake gwadawa. Sai fuskar ta zauna daram ake sa sauran sukurun a zagayayyun ramuka.