Kula, Faranti Mai Wuta ko Ƙanƙara: Me Za Ka Saya Don Taron Fili?

Kafin ka shiga kasuwa, ka san abin da kake gudu. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a dafaffen abinci idan zafinsa yana tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyos. Kada abinci ya wuce awa biyu a wannan tsakani, in kuwa zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya ce kawai. Don haka duk abin da za ka saya, ko dai ya riƙe abinci sama da 60, ko ƙasa da 5.

A ce an sauke shinkafa da miyar nama ƙarfe goma sha ɗaya na safe, za a yi ta ci har biyar na yamma. Kular abinci ita ce mafi sauƙi, amma ba ta da wuta, zafin da ka zuba kawai take tsarewa. Ka nemi mai kaurin bango da murfi mai robar da ke kamewa gam. A cika ta da tafasasshen ruwa na minti goma, a zubar, sannan a juye abinci yana tururi har baki. Kular da aka cika rabi tana saurin hucewa, kowane buɗewa kuma zafi ne ke tafiya. Shi ya sa matsakaita uku sun fi ƙatuwa ɗaya: ana raba ta farko, sauran na rufe har lokacinsu.

Wurin rabo, farantin ƙarfe mai ruwan zafi da gwangwanin wuta a ƙasa ya fi dacewa. Tambayi mai kaya awa nawa gwangwanin ke ci, don akwai na awa biyu, akwai na shida. Aikinsa riƙe zafi ne, ba ɗumame ba. Abincin da ya huce sai an mayar da shi murhu ya kai digiri 75 tukuna. A fili iska na kashe wutar ba wanda ya lura, ruwan ma yakan ƙone, sai a riƙa leƙawa.

Shinkafa ce ta fi yaudara. Akwai ƙwayar cutar da dahuwa ba ta kashe irinta, idan shinkafar ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta saki guba mai sa amai, ɗumame kuma ba ya lalata gubar. Ba lallai ta yi wari ko yauƙi ba.

Kula mai ƙanƙara ta abin da za a ci da sanyi ce, kuma sai ya riga ya yi sanyi za a saka shi. Dunƙulen ƙanƙara ya fi gutsattsari jimawa. A ajiye ta a inuwa, a ware wa abin sha tasa kular.

Sai ma'aunin zafi mai tsinke. Duk bayan awa ɗaya a soka shi tsakiyar abinci da kuma gefe, inda ake fara hucewa. Da ya nuna ƙasa da 60, a duba agogo: kafin wa'adin ya cika a cinye ko a mayar wuta, in ya wuce a zubar.