Tambayar da bankin Birtaniya ke yi idan kuɗi mai kauri ya faɗo asusu

'Yan'uwa da ke gida, cikin abubuwan da suka bambanta bankin nan Birtaniya da namu, wanda ya fi cin mutanenmu shi ne tambayar asalin kuɗi. Mutum yana aiki, albashinsa fam 2,000 a wata, sai ranar nan fam 28,500 ta faɗo masa daga Najeriya. Kafin ya gama murna saƙo ya shigo wayarsa ana neman bayani a kan `source of funds`, wato inda kuɗin ya fito, wani lokacin ma an riga an riƙe kuɗin. Yawanci kuɗin halak ne, na fili ko na gado. Abin da ke kawo cikas shi ne takardu, kuma rabin takardun a hannunku suke, shi ya sa na ga ya dace ku san yadda abin yake tun kafin a yi ciniki.

A gida akwai lamba sananniya. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani kuma miliyan 10, kuma banki yana kai rahoton abin da ya haura haka ga NFIU, hukumar da ke bin diddigin bayanan kuɗi a Najeriya. Sau da yawa mai asusu ba ya ma sanin an kai. Idan an yi tambaya, akwai jami'in asusunka, ka san shi ya san ka, a yi magana baki da baki. Nan babu wannan lambar. Dokar Birtaniya ta 2017 kan halasta kuɗin haram ta ɗora wa banki nauyin sa ido a kan asusu, ya tabbatar abin da ke shiga ya yi daidai da abin da ya sani game da mai shi. Saboda haka fam 5,000 na iya jawo tambaya a asusun ɗalibi, fam 50,000 kuma ta wuce salin-alin a asusun wanda ya sanar da banki zai sayar da gida. Na'ura ce ke fara hango abin, ta tura wa wani sashe da ba ya zama a reshe, kuma ba za ka taɓa ganin fuskar mai duba takardunka ba.

Idan ma'aikacin ya ji bai gamsu ba, dokar 2002 kan dukiyar da aka samu ta hanyar laifi ta wajabta a kai rahoto ga NCA, hukumar yaƙi da manyan laifuka ta Birtaniya. Idan banki ya nemi izininta kafin ya saki kuɗin, tana da kwanakin aiki 7 ta ba da amsa. In ta ƙi, ana iya riƙe kuɗin kwana 31, kotu kuma na iya ƙara wa'adin. A duk wannan lokacin laifi ne ma'aikaci ya tsegunta maka cewa an kai rahoto. Shi ya sa wanda ka samu a waya yake ta maimaita cewa ana duba asusun, ba shi da ƙarin bayani. Mutanenmu sukan ɗauki wannan a matsayin wulaƙanci, su yi ta faɗa, alhali bakinsa a ɗaure yake.

Abin da mai dubawa yake so abu ɗaya ne: ya bi kuɗin daga inda aka samo shi har asusunka ba tare da ya yi tsalle ba. Kowane mataki da takardarsa, suna ya dace da suna, rana ta dace da rana, adadi ya dace da adadi. Sarƙa ce, inda zobe ɗaya ya ɓalle nan za a tsaya.

Mu ɗauki misali. Mutum yana zaune a Manchester, ya sayar da filinsa na Kano a kan naira miliyan 60. Mai saye ya biya sau biyu, miliyan 40 ranar ciniki, miliyan 20 bayan wata guda. Dillalai sun karɓi la'adar miliyan 3, saura miliyan 57. A ce, don sauƙin lissafi, an canza a kan naira 2,000 kowace fam, ya zama fam 28,500 kenan.

Takarda ta farko ita ce wadda ke nuna filin nasa ne tun asali: takardar mallaka ta gwamnati, ko takardar da ya saya da ita, da sunansa a jiki. Ta biyu ita ce yarjejeniyar wannan cinikin, mai ɗauke da sunan mai saye, da farashi, da rana, da sa hannun shaidu, kuma ya fi kyau lauya ne ya rubuta ya buga hatiminsa. Ta uku bayanan asusunsa na naira, inda miliyan 40 da miliyan 20 suka shigo daga asusu mai sunan mai sayen nan na cikin yarjejeniya. A nan ne ake yawan yin ɓarna. Alhaji ya sayi fili, amma ya sa yaron shagonsa ya tura miliyan 20 ɗin daga nasa asusun, ko kuma an zuba kuɗin a asusun babban wa saboda shi ke kula da komai a gida. A wurinmu wannan ba komai ba ne, amma mai dubawa suna biyu yake gani da ba su da alaƙa da takardar ciniki. Idan dole sai wa ne zai karɓa, to a yi takardar wakilci wajen lauya kafin ciniki, a kuma ajiye nasa bayanan asusun da ke nuna shigar kuɗin da fitarsa zuwa ga ƙanin. Miliyan 3 na dillalai ma a tura ta banki ko a karɓi rasit, domin za a tambayi dalilin da ya sa takarda ta ce 60 amma 57 aka canza.

Mataki na huɗu, canji, shi ne mafi haɗari, kuma a kansa nake so ku fi mai da hankali. Hanyar da aka saba ita ce a tura wa ɗan canji naira a Wapa, shi kuma ya kira wani nasa a Landan ya zuba fam a asusun mai fili. Farashin ya fi daɗi, kuɗin ya iso da wuri. To amma dubi abin da bankin nan yake gani. Babu wani kuɗi da ya tsallako daga Najeriya. Abin da ke gabansa shi ne wasu mutane huɗu ko biyar da mai asusu bai san su ba sun turo masa fam 6,000, fam 4,500, wani ma ya zuba tsaba a reshen wani gari. Takardun filin duka ba sa haɗuwa da waɗannan sunaye. Mafi muni, masu laifi suna amfani da wannan hanyar da gangan: su zuba kuɗin damfara ko na ƙwaya a asusun mutumin kirki da ke jiran kuɗinsa, su karɓi nairarsa mai tsabta a can. Idan ɗaya daga cikin kuɗin na wanda aka damfara ne ya kai ƙara, ana iya rufe asusun, a sa sunan mai shi a rumbun Cifas, inda bankunan nan ke duba sunayen waɗanda aka alaƙanta da damfara, alamar da ke iya zama har shekara 6, ta hana shi buɗe asusu ko samun bashin gida. A ganina ribar 'yan nairori a kan kowace fam ba ta kai a ɗauki wannan kasadar ba.

Hanyar da ke barin shaida ita ce a canza ta banki ko ta kamfanin canji mai lasisin CBN wanda zai ba da rasit da sunan mai kuɗi, da farashi, da rana. Fam ɗin ta shiga asusunsa na kuɗin waje a Najeriya, daga nan banki ya tura wa banki. A nemi takardar shaidar turawa da ake kira `MT103`, ko makamanciyarta, domin ita ce ke nuna wanda ya tura, da wanda ya karɓa, da adadin. Ƙa'idojin CBN kan fitar da kuɗi suna sauyawa, saboda haka a je banki a tambayi abin da ke aiki kafin a karɓi ko kwabo daga mai saye. Wanda ya zaɓi ɗauko tsaba a jaka, ya sani dole ya bayyana wa kwastam ɗin Najeriya abin da ya haura dala 10,000, ya kuma bayyana fam 10,000 ko fiye a shigowa Birtaniya, ya adana takardun biyu.

Akwai wata dabara da ake ba juna wadda ba ta da amfani: a rarraba kuɗin ƙanana-ƙanana wai don kada a lura. Na'urar an gina ta ne don ta gano irin wannan, kuma fam 2,000 sau goma sha huɗu cikin sati biyu ya fi fam 28,500 a dunƙule tayar da zargi.

Wajen ba da amsa, a rubuta bayani gajere wanda bai wuce shafi ɗaya ba, a jera abin da ya faru bisa ranaku, kowane mataki a ambaci takardar da ke tabbatar da shi. Bayanan asusu a sauko da su cikakku a `PDF` daga banki, na wata 3 zuwa 6 ko abin da aka nema, kada a aika hoton fuskar waya, kada a yanke shafi ko a shafe wani layi. Takardar da aka rubuta da Hausa, irin ta gaban mai unguwa, sai an haɗa ta da fassarar Turanci daga mai fassara da zai sa sunansa, da sa hannunsa, da shaidar cewa fassarar daidai ce. A duba suna da kyau. Idan fasfo ya ce Mohammed Sani, takardar fili ta ce Muhammadu Sani Abdullahi, a yi takardar rantsuwa a kotu cewa mutum ɗaya ne, a haɗa tun farko. Kada a mayar da ranar takarda baya, kada a ƙirƙiro rasit don cike giɓi. Inda babu takarda, a faɗi gaskiya a kawo abin da ake da shi, domin takardar jabu ita ke mayar da tambaya ta zama tuhuma.

Idan kuɗin gado ne, zobe na farko shi ne takardar shaidar rasuwa da takardar rabon gado ta kotun shari'a mai nuna kason magaji. Idan kyauta ce daga mahaifi, wasiƙarsa kaɗai ba ta isa ba, za a so a ga shaidar ko shi wane ne da inda shi ma ya samo kuɗin.

Wani abu da ya fi na gida sauƙi shi ne hanyar kuka. Wanda ya miƙa komai aka ci gaba da jan sa zai iya rubuta ƙorafi ga bankin. Idan sati 8 suka cika babu amsar ƙarshe, ko amsar ba ta gamsar ba, sai ya kai wa Financial Ombudsman Service, ofishin da ke sasanta ƙorafi tsakanin banki da mai asusu, kyauta, cikin wata 6 daga ranar amsar. Ofishin ba zai tilasta wa banki ya karya doka ba, amma yana duba ko an yi jinkirin da ba shi da dalili, yana kuma iya sa a biya diyya. Wanda ke da asusu na biyu a wani bankin zai iya biyan haya da cefane daga can kafin a saki na farkon.