Makarantar kuɗi mai sauƙi ko ta gwamnati: wacce za ka kai yaranka?

Jama'a, kafin a koma makaranta mu yi maganar nan, don a unguwannin Kano yanzu kusan kowane layi akwai gidan da aka mayar makarantar kuɗi, a shafa fenti a rataya allo shikenan. Iyaye kuma suna ta kwasar yara suna kaiwa saboda tsoron cunkoson firamaren gwamnati. Tsoron kam gaskiya ne. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya yara 35 a firamare, amma ka shiga wasu firamaren cikin birni ka ga aji ya haura ɗari, wasu a ƙasa suke zaune, ko a 2024 sai da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Yaron da yake can baya a irin wannan ajin zai iya kaiwa aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba kuma ba wanda ya lura.

Sai dai ita ma mai arahar ka yi mata lissafi. Mu ɗauka ana biyan dubu 15 a zango, yara 25 a aji, ya kama dubu 375 kenan, kuma kuɗin nan ne zai riƙe ajin wata huɗu har da hutu, wato ƙasa da dubu 94 a wata. A ciki za a cire haya da alli da albashin hedimasta da maigadi da ribar mai makaranta, ga waɗanda ba su biya ba, to nawa zai rage wa malama? Shi ya sa da yawa suke ɗaukar wanda ya gama sakandare yana jiran admishan, alhali NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, kuma da ya samu wani abin sai ya tafi, yaro ya canza malami biyu a shekara ɗaya. A gwamnati ka fi samun mai NCE ɗin, matsalar can yawan yara da rashin sa ido. A ta kuɗi malami yana shiga aji saboda mai makaranta na tsaye a kansa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Don haka kar ka saya da ido, gwada. Ka je ba tare da sanarwa ba, bayan an dawo tara, lokacin ne ake gane makarantar da malamai ke sulalewa. Ka nemi izini a ba ka yaro ɗan aji uku, ba wanda malama ta zaɓa ba, ka miƙa masa littafin da bai taɓa gani ba ya karanta layi huɗu ya faɗa maka da Hausa me ya fahimta. Sannan ka ba shi 52 a cire 27. In ya rubuta 35 to bai iya aro ba, ƙaramin lamba kawai yake cirewa daga babba. Gaisuwar turanci da yara ke rerawa in baƙo ya shigo hadda ce, kar ta ruɗe ka. Ka buɗe littafin rubutunsu ka ga yaushe rabon da a yi makin da jan biro. Ka tambayi takardar amincewar gwamnati ma, don wadda ba ta da rajista sai ta kai yara wata makarantar su zana jarrabawa, kuma kai za ka biya.

Ita ma ta gwamnati kyauta ce a dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004, har shekara tara, amma yunifom da littafin rubutu da ɗan kuɗin PTA suna nan, sai dai ba a koro yaro gida ranar jarrabawa don kuɗin makaranta.

Inda abin ya fi damuna shi ne cikin gida. Mai yara huɗu a lissafin can zai biya dubu 180 a shekara, ban da littattafai da kuɗin walima da na adaidaita, in abin ya gagara sai ka ga an bar namiji a ta kuɗi an mayar da mace ta gwamnati, ko 'ya'yan wannan ɗakin nan na wancan ɗakin can, wallahi yaran suna gani kuma suna riƙewa. Sannan duk uban da ya iya zuwa ya yi magana in ya cire ɗansa, firamaren unguwa ta rasa mai tsawatawa, 'ya'yan marasa hali ne ke kwana a ciki.

Ni shawarata, in ba za ka iya riƙe kuɗin ga dukkansu har shekara shida ba, kuma firamaren kusa ta ci gwajin nan ko da dama-dama, ka sa su can gaba ɗaya, ka ɗauki malamin lesin da yamma ya haɗa su, ka shiga SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar, a riƙa ganin fuskarka. In kuwa ajin ya haura ɗari, ka biya ta kuɗin daga aji ɗaya zuwa uku har su iya karatu, kowane yaro a ba shi shekara ukun nan mace da namiji, daga nan ka mayar da shi ta gwamnati.